Allurar rigakafin da ta sha zafin mota sannan ta kwana a firiza, tana nan da ƙarfinta?

"Yallaɓai dan Allah a taimaka min. Na sayo allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kwalba biyu a kemis, ni da matata, aka sa min a leda da ƙanƙara. Na biya kasuwa na manta ta a mota wajen awa uku da rana tsaka, da na dawo ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi. Ina isa gida na jefa ta firiza ta kwana, da safe ta daskare. Yanzu ta narke kuma kalarta bata canza ba. Zan iya kaiwa nas tai mana?"

Ɗan uwa kar ka kai. Kwalaben nan biyu sun tashi aiki, kuma abin da zai baka mamaki shine ba zaman motar bane yasa na yanke hukunci da sauri haka, firizar ce. Da a ce mota kawai ta sha da sai mu zauna mu duba, mu yi lissafi, wataƙila ma ta tsira. Amma allurar ciwon hanta in dai ta daskare sau ɗaya to shikenan, ba ma tsayawa gwaji, ware ta muke yi. Na daɗe ina aikin kula da ɗakin sanyin rigakafi a ƙaramar hukuma, kuma zan iya ce maka alluran da na gani sun lalace ta hanyar ƙanƙara sun fi bani haushi akan waɗanda zafi ya lalata, saboda kullum wanda yai ɓarnar da kyakkyawar niyya yai ta, irin taka.

Bari in fara da abin da ke cikin kwalbar, in ka gane shi sauran duk zai zo da sauƙi. Allurar rigakafi ba irin farasitamol bace da za ka bari a aljihun riga wata guda ka haɗiya tai aiki. Abin da ke ciki ko dai ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana ta, kamar ta ƙyanda da ɗigon shan inna da BCG ta tarin fuka, ko kuma wani ɗan ɓangare ne na jikin ƙwayar cutar, kamar taka ta ciwon hanta wadda furotin ne na fatar ƙwayar cutar kawai, babu mai rai a ciki. Aikinta shine ta nunawa garkuwar jiki kamannin maƙiyi tun kafin ya zo. To furotin ɗin nan yana da wata siffa da ya naɗe a kai, kuma siffar ce jiki yake haddacewa. Zafi yana warware wannan naɗin. Ka dubi farin ƙwai, ruwa ne, ka sa shi a wuta ya zama fari ya yi tauri, ko shekara za ka yi kana sanyaya shi ba zai koma ruwa ba. Haka abin yake a nan, sai dai shi ƙwai kana gani da ido, ita allura ba za ka ga komai ba. Masu rai ɗin kuwa mutuwa suke yi kaɗan kaɗan, in adadin da ya rage da rai bai kai ba sai a yiwa yaro allura ya sha kuka a banza, jiki bai koyi komai ba.

Abu na biyu da mutane basa ganewa shine ɓarnar zafi taruwa take yi kamar bashi. Awa biyu a filin jirgi, awa ɗaya a bayan mota, dare ɗaya da nepa suka ɗauke wuta a kemis, duk suna haɗuwa akan kwalba ɗaya, kuma mayar da ita firij yana tsayar da ɓarnar ne kawai baya biyan abin da ya wuce. Kai awa ukunka ka sani, baka san me ta sha kafin ta zo hannunka ba.

Ita mota kuwa a rana tanda ce. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, kujeru da dashbod su sha su dinga fitar da zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Cikin awa guda zafin cikin mota a rufe yana iya fin na waje da kusan digiri 20, mafi yawan hawan ma a rabin awar farko yake faruwa, kuma ɗan sauke gilashin da muke yi baya rage wani abin kirki. To ka ɗauka watan Afrilu ne a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, waje yana digiri 41 ko 42, kaga cikin motar ya doshi 60 kenan, kan dashbod ya fi haka. Ƙanƙarar leda bata daɗewa a wannan wutar. Ita kuma allura wurin zamanta tsakanin digiri 2 ne zuwa 8, wannan shine ƙa'idar kusan duk allurar da ake ajiyewa a asibitin unguwa.

Amma fa ba duka suke da rauni iri ɗaya ba, kuma a nan ne na ce da mota ce kawai da sai mun duba. Alluran gwamnati da ake yiwa yara, in ka karɓi kwalbar za ka ga wani ɗan da'ira a jikin takardar ko akan murfin, da ɗan murabba'i mai haske a tsakiyarsa, mu muna ce masa VVM. An fara sa shi ne akan ɗigon shan inna a 1996. Murabba'in nan yana duhu a hankali gwargwadon zafin da kwalbar ta sha, kuma baya komawa baya. In har ya fi da'irar haske ana amfani da ita, in kalarsu ta zo ɗaya ko ya fi da'irar duhu an gama, ko da kwanan watan lalacewa saura shekara. Kuma kowace allura da irin nata. Na ɗigon shan inna shine VVM2, ma'ana kwana 2 kacal a digiri 37 ya kai ƙarshe, alhali a digiri 5 sai yai kwana 225. Na ciwon hanta yawanci VVM30 ne, kwana 30 a digiri 37. Kaga bambancin, ninki goma sha biyar. Wato taka tana cikin masu juriyar zafi sosai, ba irin wadda za a ce ta fita firij minti ashirin ta mutu bace. Sai dai wannan lissafin na digiri 37 ne, ba na 60 ba, kuma duk ƙarin zafi ɓarnar ba ƙaruwa take da kaɗan kaɗan ba, ninkawa take. Sannan yawancin kwalaben da ake sayarwa a kemis basu da wannan alamar kwata kwata, duba naka ka gani. In babu, babu wanda zai dafa Alƙur'ani ya ce maka ga abin da ya rage a ciki.

Yanzu firiza. Allurar ciwon hanta in ka ɗaga ta a haske za ka ga ba garau take ba, tana da ɗan fari fari kamar an ɗiga madara a ruwa. Wannan farin wani gishirin alminiyon ne da ake haɗawa da ita, furotin ɗin yana manne a jikinsa, kuma shine yake zaburar da garkuwar jiki ta ɗauki abin da muhimmanci. Garin yana da laushi sosai, a warwatse yake cikin ruwan. Da zarar ruwan ya daskare sai ƙanƙarar ta matse garin nan ya dunƙule ya zama gudaji, kamar kunun da aka dama ba'a juya ba, kuma ko ta narke, ko ka girgiza har hannunka ya gaji, gudajin baya komawa gari. Ƙarfinta ya ragu kenan har abada, wani lokacin ma wurin da aka yi allurar ya fi kumbura. Kuma ba sai firiza mai tsananin sanyi ba, ita wannan da zarar an sauka ƙasa da sifili da ɗan kaɗan, wajen rabin digiri, tana cikin haɗari. 'Yan uwanta a wannan halin sune penta da ake yiwa jarirai a sati 6 da 10 da 14, da ta tatanus da ake yiwa masu ciki, da ta namoniya, da ta kansar bakin mahaifa, da ta shan inna wadda ake yi da allura (ba ɗigon ba, shi ɗigon a manyan ɗakunan ajiya a daskare ma ake ajiye shi, tsakanin digiri 15 zuwa 25 ƙasa da sifili, baya jin komai). Abin takaicin kuma VVM ba ruwansa da sanyi, kwalba za ta daskare ta narke murabba'in yana nan fari tas yana maka murmushi.

Akwai gwajin da muke yi in muna zargin kwalba ta daskare amma bamu gani da ido ba, gwajin girgiza. Sai mu ɗauki kwalba ɗaya daga kamfani ɗaya kuma lambar rukuni ɗaya da wadda ake zargi, mu sa ta firiza da gangan aƙalla awa 10 har ta daskare ƙam, mu fitar ta narke da kanta, mu rubuta mata alama kar a yi kuskure. Sai a riƙe su biyun a hannu ɗaya a girgiza na daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su a tebur gefe da gefe inda haske yake ratsawa a zuba ido. Wadda aka daskarar da gangan za ka ga farin yana zubowa ƙasa da sauri samanta yana washewa, don gudaji ya fi gari nauyi. In wadda ake zargi ta daɗe da farinta bata kwanta da wuri ba, lafiyarta ƙalau. In ta kwanta tare da waccan ko ta riga ta, ta lalace. Amma kai baka buƙatar wannan, tunda da idonka ka ganta a daskare. Gwajin na mai kokwanto ne.

Na taɓa yin wannan gwajin akan penta a wani ƙaramin asibitin ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, lokacin hunturu. Ma'aikaciyar mai ƙoƙari ce wallahi, ita kaɗai take rigakafi take awo take karɓar haihuwa. Za ta fita ƙauyukan gefe a babur, sai ta ciro robobin ƙanƙara huɗu daga firiza ta jera su a kula nan take ta zuba kwalabe a tsakiya ta rufe, a ganinta ƙarin sanyi ƙarin lafiya. Robar da ta fito daga firiza kuwa tana iya kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili, duk kwalbar da ta jingina da ita ta shiga uku. Da na ajiye kwalabenta kusa da tawa ta gwaji akan tagar ofis, muna tsaye mu biyu muna kallo, ba a jima ba sai ga saman nata yana washewa daidai da tawa. Bata ce komai ba sai da ta zauna akan benci tace "Malam, to yaran da na yiwa fa?" Daga nan muka buɗe rajista muka fara bin suna ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya kamata ta yi ƙarami ne. Ka fito da robobin ka shimfiɗa su a tebur ka barsu su fara gumi, kana ɗauka kana girgizawa kusa da kunne, sai ka ji ruwa yana motsi ƙanƙarar tana ƙwal ƙwal a ciki, a lokacin ta dawo sifili, sannan ka goge ka jera. Da zafi baya ɗaukar lokaci, da hunturu sai ka ƙara haƙuri.

Yadda sanyin yake tafiya tun daga sama kuwa sarƙa ce. Daga kamfani a jirgi cikin kwalaye masu riƙe sanyi, zuwa babban ɗakin sanyi na ƙasa, zuwa na shiyya da na jiha, waɗannan ɗakuna ne da mutum yake shiga ciki da ƙafarsa, daga nan a manyan akwatunan sanyi zuwa ƙaramar hukuma, zuwa asibitin unguwa, zuwa kular da ake ratayawa a kafaɗa. Firij ɗin da muke amfani da shi ba irin na gida bane. Yawanci ta sama ake buɗe shi kamar akwati saboda iska mai sanyi tana da nauyi, in ƙofar gefe ce kana buɗewa take zubowa ƙasa. A jikin bangonsa akwai ruwa da yake daskarewa lokacin da akwai wuta, in an ɗauke sai wannan ƙanƙarar ta cigaba da riƙe sanyin na awanni masu yawa. Na sola na yanzu da yawansu ma basu da batir, da rana suke haɗa ƙanƙarar jikinsu ta kai su dare har da ranakun hadari ko ƙurar hunturu. A ciki akwai kwanduna, masu tsoron daskarewa suna sama nesa da bango da ƙasa, masu jure sanyi suna ƙasa. Ana rubuta awon zafi sau biyu kullum safe da yamma har Asabar da Lahadi da ranar sallah, kuma akwai ɗan na'ura da muke ajiyewa a ciki mai riƙe tarihin kwana 30, tana nuna alama in zafi ya wuce 8 na awa 10 a jere, ko in ya sauka ƙasa da sifili da rabin digiri na awa ɗaya. Ka lura da wannan bambancin, zafi an bashi awa goma, sanyi awa ɗaya tak. Ita wannan na'urar ce take tona asirin wanda ya zauna ranar Litinin ya cike takardar sati guda da "5, 5, 5" da biro ɗaya. Kuma ba'a sa zoɓo ko fiya wata ko naman sallah a ciki, ba don rowa ba, don duk buɗewa zafi ne yake shiga.

Firij ɗin gida matsalarsa bashi da tsayayyen sanyi. Ƙofa ta fi ko'ina ɗumi, bangon baya da ƙasan ɗakin ƙanƙara suna daskarar da abu, ka tuna sau nawa ka tarar da tumatir ko ruwan leda ya ƙanƙare a baya, sannan in wuta ta ɗauke cikin 'yan awanni ya huce. Shi yasa ni shawarata kar ka ajiye allura a gida sam. Ka je inda take a yi maka a can. In dole sai ka sayo, to ka fara shirya nas ɗin tukuna, ka je kemis a ƙarshen zirga zirgarka ba a farko ba, ka tafi da ƙaramar kula ko fulas mai faɗin baki, ka sa robar ruwa mai sanyi ko ƙanƙarar da ta fara narkewa, ka bar kwalbar a cikin kwalinta ka naɗe da ɗan tsumma yadda ba za ta taɓa ƙanƙarar ba kuma ruwa ba zai jiƙa takardar ba, ka ajiye a ƙasan kujera inda rana bata bugawa, ba but ba ba dashbod ba, ka wuce kai tsaye. Kuma ka kalli inda mai kemis ya ciro ta. In daga firizar da yake sayar da lemo da ƙanƙara ya zaro, ko ka ga shagon ba wuta ba sola ba janareta, ko ya ɗauko ta daga kanta, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. Ka tambaye shi ma'aunin zafin firij ɗinsa, mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Wani zai ce to ai ba guba ta zama ba, a yi mana mana in bata yi amfani ba ba za tai illa ba. Gaskiya ne yawanci lalatacciyar allura irin wannan bata kashe mutum, illarta ita ce za ka tafi da kati a hannu kana ganin ka tsira alhali ƙofa a buɗe take, kuma ciwon hanta cuta ce da take zama shekaru shiru kafin ta nuna kanta. Inda allura take zama haɗari da gaske shine masu zuwa a gari ana haɗa su da ruwansu, irin ƙyanda da BCG da shawara. Waɗannan in an haɗa awa 6 ne iyakarsu ko ƙarshen zaman rigakafin ranar, duk wanda ya riga zuwa, saboda ƙarfinsu yana zubewa da sauri kuma basu da sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta girma a ciki, wanda ya ajiye ragowar jiya ya yiwa yaro yau zai iya jawo mummunan abu. Wannan ba naka bane amma ka sani saboda yaranka.

Kwalaben naka ka rubuta musu "kar a yi amfani" ka kaiwa nas ɗin ta zubar yadda suke zubar da nasu, kar ka jefa a bola yara su tsinta, kuma kar ka mayarwa mai kemis don kar ta koma firij a sayarwa wani. Kafin ku sayi sabuwa, in baku yi gwajin jini na ciwon hantar ba ku fara yi, don wanda yake ɗauke da cutar rigakafi ba zai amfane shi ba, likita yake buƙata. In gwaji ya fito lafiya, ta manya guda uku ce, yau, bayan wata ɗaya, sai wata na shida daga ta farko, a dantse ake yi ba a ɗuwawu ba. In akwai mai cutar a gidanku, ko kana da shakku akan wata allurar da aka taɓa yi maka daga irin wannan kemis ɗin, bayan ta ukun da wata ɗaya zuwa biyu ka je lab ka ce a yi maka anti-HBs, in sakamakon ya kai 10 mIU/mL ko sama ta kama, in bai kai ba ka koma wajen likita da takardar a sake tsara maka.